Kwana 47 a jere, sai biki ɗaya ya rusa komai

Masu ƙanne da 'ya'yan da ke shirin JAMB, ku zo mu yi magana a kan kalandar nan da ake mannawa a bango ana yi mata maki kullum. Ina goyon bayanta, amma yadda yawancinmu ke amfani da ita ba daidai ba ne. Ni ma sai da na yi wannan kuskuren a gidanmu a Pantami kafin na gane.

Autarmu ta fara shiri ran 1 ga Oktoba, jarrabawa kuwa sai Afrilu. Wata shida da ɗoriya ke nan, kuma ba yaron da zai yi wata shida yana karatu da zafin ranar farko. Sai na samo kalanda na ba ta jan biro, na ce duk ranar da ta yi karatu ta yi maki, in ta jera kwana 50 ba fashi zan saya mata atamfa. Dabarar daga wajen mai adashin kullum na ɗauko ta. Kun san katinsa mai gida 31: 'yar kasuwa ta gwammace ta ranto kuɗin zubi da ta ga gida ɗaya fayau a katinta.

Abin ya yi aiki, har ya wuce yadda nake so. Ta jera kwana 47. Sai aka tafi bikin 'yar kawunmu a Kumo, kwana uku ba littafi. Da ta dawo ta tsaya gaban kalandar ta ce, "Yaya, yanzu daga ɗaya zan sake farawa?" Na ce haka dokar take. Kwana 18 ba ta ƙara buɗe littafi ba. Laifina ne, ba nata ba. Na ɗora darajar karatunta gaba ɗaya a kan lamba guda, lambar da rana ɗaya ke iya mayar da ita sifili. Wanda ya ga kwana 47 sun tafi a banza, me zai sa ya yi marmarin kwana na ɗaya?

Abin da ya fi ba ni haushi sai daga baya na gano shi. Na zaunar da ita na ba ta tambayoyin Fiziks 40 na shekarun baya, ta ci 13. Na ɗauko littattafan rubutunta na bi kwanan wata: a cikin kwana 47 ɗin, sau 29 Bayoloji ta karanta, don shi take so kuma shi ta iya. Fiziks sau biyu kacal. Wasu ranakun ma, da bakinta ta faɗa mini, ƙarfe goma na dare za ta buɗe shafi ɗaya ta kalla don dai kada makin ya tsinke. Kalanda ta yi ja jawur, kai kuwa bai ƙaru da komai ba. Yaro ba wawa ba ne, abin da kake ƙirgawa shi zai ba ka. Na ƙirga "buɗe littafi", ta ba ni buɗe littafi.

A Disamba muka sake lale. Abu na farko, muka yanke abin da ake kira rana ɗaya. A jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Don haka muka ce ranar da za ta samu maki ita ce ranar da ta amsa tambaya 20 da agogo a gabanta, cikin minti 14, sannan ta duba amsoshin, ta rubuta duk wadda ta faɗi a wani littafi daban tare da dalilin faɗuwar. Duka-duka ba ya wuce minti 40. Na san wani zai ce tambaya 20 ta yi kaɗan. Da gangan ne. Wannan ma'aunin ranar wahala ne: ranar da aka ɗauke wuta, ranar da mura ta kama ta cikin hunturu, ranar da Inna ta tara mata wanki. Ranar da take da kuzari takan yi 60 ba wanda ya sa ta. Kuma ko a kan 20 ɗin ta tsaya, kwana shida a mako har mako 18, tambaya 2,160 ke nan.

Maimakon maki kuma, sai ta riƙa rubuta harafin darasin a gidan ranar: T na Turanci, F na Fiziks, K na Kemistiri ko B na Bayoloji. Kallo ɗaya daga bakin ƙofa ya ishe ni in san abin da take gudu. Mako ba ya cika sai F ta fito sau biyu.

Sai maganar fashi, wadda ita ce ta kashe mu da farko. Malamanmu na allo sun riga mu sanin wannan: almajiri yana da hutun Alhamis da Juma'a, kuma ba wanda ya taɓa cewa hutun ya rusa masa hadda. Muka ware Juma'a ba karatu. Muka ƙara kwana biyu a wata na uzuri, ta ɗauka duk ranar da ta ga dama ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Doka ɗaya ce mai tsauri: kada a yi fashi kwana biyu a jere ba magana. Muka kuma daina cewa "kwana kaza a jere", muka koma "kwana 23 cikin 26". Wannan lissafin fashi ɗaya rage shi yake yi, ba ya share shi. Akwai ma binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka buga a 2009: sun ga sabon hali yana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba.

Atamfar nan ma kuskure ce. Ta yi girma, ta yi nisa. Lada mai amfani shi ne wanda yaro ke hango shi daga ranar Litinin. Muka mayar da shi na mako: in kwana shida sun cika, ranar Juma'a da yamma ina zuwa da tsire ko awara mai zafi, ko in sa mata ɗan data ta yi kallonta ba mai yi mata magana. Ladan a hannuna yake, ba a hannunta ba, don wanda ke biyan kansa yakan ci albashi kafin wata ya yi. Ban kuma ɗaura shi a kan makin da ta ci ba. Da na yi haka, da ta koma zaɓar tambayoyi masu sauƙi, mu koma gidan jiya.

Akwai ranar da ta ce mini, "Yaya, in na yi 40 yau nawa za ka ba ni?" A nan na ja birki. Da zarar an fara ciniki, ladan ya fara cinye karatun. Na ce ba ƙari, tsiren Juma'a dai yana nan. Ta yi fushin kwana ɗaya ta haƙura.

Kalanda ba ta iya gaya maka ko yaro yana ƙaruwa. Wannan aikin gwajin ranar Lahadi ne: duk mako biyu, tambaya 40 daga darasi ɗaya, minti 27, ni ke riƙe da agogo. In gidaje sun cika amma makin gwaji ya tsaya cik sau uku a jere, to akwai abin da ake yi wa kalandar ƙarya a kai, sai a koma littafin kurakurai a duba. Fiziks ɗinta ya tashi daga 13 zuwa 19, ya yi wata guda a nan har na fara damuwa, sannan ya kai 26.

Da azumi ya shigo muka mayar da tambaya 20 ɗin bayan sallar asuba, tsire ya koma bayan tarawihi. A makon ƙarshe na Maris na manta ban sayo ba. Sai ranar Lahadi na tuna, na je ba ta haƙuri, na tarar ita ma ta manta, tana zaune a tabarma tana rigima da wata tambaya ta Kemistiri.