Ku daina ƙirga gurbin da ba kowa

'Yan'uwa masu koyon rubuta manhaja a Aboabo da Asawase, akwai kuskure ɗaya da nake yawan gani a aikin ƙannenmu masu rubuta manhajar warware wasan tayil takwas, kuma yana damuna, domin manhajar ba ta yin ƙorafi. Amsa take bayarwa, a tafa mata, alhali ta bi doguwar hanya.

Wasan nan ne na tayil takwas a allo mai gida tara, ana tura su har su jeru daga 1 zuwa 8. Dabarar A*, wadda Hart da Nilsson da Raphael suka fitar a 1968, kullum tana ɗauko allon da `f = g + h` ɗinsa ya fi ƙanƙanta. `g` takun da aka riga aka yi ne, `h` kuwa hasashen abin da ya rage. Sharaɗin ɗaya ne: kada hasashen ya taɓa wuce gaskiya. In ya wuce, babu sauran tabbacin samun hanya mafi gajarta.

Tazarar Manhattan tana cika sharaɗin. A duba kowane tayil, layi nawa ya rage masa a tsaye da a kwance kafin ya isa gidansa, a tara. Taku ɗaya tayil ɗaya yake gusarwa, gida ɗaya tak, don haka jimillar ba za ta zarce aikin da ya rage ba. To dubi wannan:

```
1 2 3
4 5 6
7 _ 8
```

Saura taku ɗaya, a turo 8 hagu. Amma wanda ya ɗauki gurbin a matsayin tayil na tara zai sami 2: ɗaya na 8, ɗaya na gurbin. Ya ƙirga motsi guda sau biyu ke nan, tunda tafiyar tayil ita ce tafiyar gurbin. Maganin layi ɗaya ne, `if t != 0`, inda `b` shi ne allon, 0 kuma gurbin:

```python
h = 0
for i, t in enumerate(b):
    if t != 0:
        h += abs(i//3 - (t-1)//3) + abs(i%3 - (t-1)%3)
```

Wani ƙane ya ce min, "Yaya, ai da gurbin ma tana warwarewa." Ƙwarai tana warwarewa. Amma in warwarewa kawai ake so, me ya kai mu ga A*?

Gwajin ba wuya. Jerin da ake iya kaiwa gare su 181,440 ne kacal, kwamfutar hannu za ta bi su duka da `BFS`, wato binciken da ke bin alluna taku-taku daga mafi kusa zuwa mafi nisa, ta ba ka ainihin nisan kowanne. Sai ka kwatanta. Duk inda `h` ya ɗara nisan, hasashenka ya lalace. Mafi wuyar allo taku 31 yake ci, amsar da ta haura haka ba sai an yi musu ba. In kuma hanyarka ta fi ta `BFS` tsawo, za ka ga rarar bibbiyu take zuwa, 2 ko 4, ba ta zuwa 1, saboda duk zagayen da gurbin ya yi sai ya biya shi da dawowa.