Nasiha ga Matasa Masu Koyar da Baƙi Hausa

'Yan'uwana matasa, da yawa daga cikinku kuna koya wa baƙi Hausa, ko a makaranta ko a wurin sana'a, kuma abin da kuke fara gaya musu shi ne cewa Hausa ba ta da wuya. Ina roƙonku ku riƙa auna wannan magana, domin wanda aka yi wa alkawarin sauƙi, ranar da ya yi tuntuɓe kansa zai zarga, har ya ajiye karatun.

Gaskiya ne cewa jerin kalmomi yana taimakon mai koyo. Aikau ne a gaba, aikatau ya biyo shi, karɓau ya zo a ƙarshe, kamar a "Yara sun sayi riga." Lokaci ma yana da nasa rangwamen, tun da wakilin suna ne ke ɗauke da shi: sun zo, za su zo, sukan zo, duk "zo" ɗin nan bai motsa ba. Jinsi kuwa tun ranar farko yake nuna wuyarsa, shi ya sa ake ɗauka cewa shi ne babbar matsala. A ganina ba shi ba ne.

Jinsi aikin hadda ne kawai. Yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin "a" jinsin mace ne, irin su riga da mota da gona, amma gida da ruwa da nama da suna duk maza ne, sannan sunayen garuruwa da ƙasashe mata ne ko da wane wasali suka ƙare, shi ya sa muke cewa Kano ta cika. Jam'i ba ruwansa da jinsi. Maganin abin shi ne kada ku ba ɗalibi suna tsirararsa. Ku ba shi "gidan malam" da "motar malam", ko "gida ne" da "mota ce", domin ya haddace kalmar tare da jinsinta. Kuma kada ku yi masa dariya idan ya ce "yarinya ya zo", saboda ma'ana ba ta ɓata ba, kuma a Hausar zango ta ƙasar Gana wannan bambanci ya raunana ƙwarai a bakin waɗanda aka haifa cikin harshen.

Inda wahalar take ɓoye shi ne wurin da jerin kalmomi da lokaci da jinsi suka haɗu. Ku ɗauki jimlar nan ta ɗazu, ku ce ana musu a kan abin da yaran suka saya, sai mai magana ya jawo karɓau zuwa gaba: "Riga ce yara suka saya." Kalma ɗaya ya ɗauke daga mazauninta, amma sauyi uku ya biyo baya. Dirka ta shigo, kuma dole ta zama "ce" saboda jinsin riga. Da wando ne, da "ne" za a sa. "Sun" ta koma "suka", domin ƙarfafawa da tambaya mai "me" ko "wa" da ɓangaren jimla mai "wanda" duk shuɗaɗɗen lokaci na biyu suke bukata. "Sayi" kuma ta koma "saya" tun da babu karɓau a bayanta, alhali da wakilin suna ne ya biyo ta, da "saye" za ta zama, kamar a "sun saye ta." Ɗalibin da aka koya wa darussan nan a rarrabe zai ce "Riga ne yara sun sayi", kuma kowane kuskure cikin ukun yana da dalilinsa a cikin abin da ku kuka koya masa.

Saboda haka ku riƙa gwada shi da tambaya. Idan kun ce "Me suke ci?" ya amsa da "Tuwo suna ci", to ya san jerin lokuta a takarda, bai san lokacin da "suna" ke komawa "suke" ba.

Akwai kuma nauyin da rubutunmu na boko ya ɗora masa, wanda mu da muka tashi da harshen ba ma ji. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "ya zo" a rubuce tana iya zama labarin abin da ya wuce, kamar a "Audu ya zo jiya", ko umarni, kamar a "Ka ce masa ya zo." A baki ta farko doguwa ce mai karin sama, ta biyu gajera ce mai karin ƙasa. Wannan darasi ba ya koyuwa daga allo kaɗai. Ku furta masa jimlolin biyu a jere, ya maimaita, sannan ku juya masa baya ya faɗi ɗaya, ku gaya masa wadda kuka ji.