Jan biro ba duka ake gyarawa ba

"Malamin da bai gyara kowane kuskure da hannunsa ba, ragwanci ne kawai." Haka wani uba ya ce mini a bakin makarantarmu da ke Birni, kuma tunanin mutane da yawa ke nan a Damagaram. Damuwarsa gaskiya ce, yana son ya ga an yi wa ɗansa aiki.

Amma kuskure iri biyu ne. Wata ɗalibata ta rubuta « les enfants mange » a aikin Faransanci. Mun koyi dokar jam'i tun watan jiya, ta san ta sarai, hannu ne ya yi gaggawa. Sai na ja layi ƙarƙashin kalmar kawai. Da ta duba, ta ƙara « nt » da kanta. Da na rubuta mata, kwafa za ta yi ta wuce, gobe ta maimaita.

A layi na gaba ta rubuta « dépendre sur ». Nan ban bar alama kawai ba, na rubuta « dépendre de » ɓaro-ɓaro, domin babu dokar da za ta tuna ta kai ta can. Alama a wurin da yaro bai taɓa koya ba ruɗa shi take yi.

Sharaɗin alama ɗaya ne: sai littafin ya dawo hannuna na duba gyaranta. In ba haka ba, layin jan biro ne kawai a kan takarda.