Ku Daina Yanke wa Matiris Hukunci da Kallon Fuska

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da nake yawan cin karo da ita idan ina duba takardunku, kuma ta ishe ni. A ba mutum matiris simetirik, a tambaye shi ko fositif definit ne, sai ya kalli lambobin ciki, ya ga duk sun haura sifili, ya rubuta "e" ya wuce. Don Allah ku bari. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Ma'anar abin ita ce: kowace bekta x kuka ɗauko, in dai ba sifili ba ce, dole xᵀAx ya haura sifili. Kowace fa, ba guda biyu ko uku da kuka gwada ba. To ga matiris ɗin da ke kayar da mutane:

```
A = [1  2]
    [2  1]
```

Fuskarsa tas, babu lamba ko ɗaya da ke ƙasa da sifili. Amma ku zauna ku nemo lambobinsa na aigen. Daga det(A − λI) = 0 za ku samu (1 − λ)² − 4 = 0, wato 1 − λ ko dai 2 ne ko −2. Ke nan λ = 3 da λ = −1. Wannan −1 ɗin shi kaɗai ya rushe maganar. In kuna shakka, ku ɗauki bektarsa, x = (1, −1). Ax zai ba ku (−1, 1), sannan xᵀAx = −1 − 1 = −2. Ga shaida a hannu. Yanzu ku juya: matiris mai 2 da 2 a dayagonal, −1 da −1 a gefe, wanda da yawanku za su ƙi shi saboda alamar ragi, lambobinsa na aigen 1 ne da 3. Lafiyarsa ƙalau.

Me ya sa alamar λ ke yanke hukunci? Ku fahimci wannan, kada ku haddace shi kamar karatun aku. Duk matiris simetirik na lambobin zahiri ana iya rubuta shi A = QDQᵀ, inda D ke ɗauke da lambobin aigen a dayagonal, Q kuma juya bekta kawai yake yi, ba ya ƙara mata tsawo, ba ya ragewa. Idan aka sa y = Qᵀx, sai lissafin ya koma xᵀAx = λ₁y₁² + λ₂y₂² + … + λₙyₙ². Kowane y² ba ya sauka ƙasa da sifili, saboda haka alamar jimillar tana hannun λ. In duk sun haura sifili, jimillar ta haura. In guda ɗaya ya gaza, sai a zaɓi x ta fuskarsa, sauran y su zama sifili, asiri ya tonu. Abin da muka yi da (1, −1) ke nan.

Wasu kuma masu wayo a cikinku ditaminan kawai suke lissafawa. Ditaminan ai sakamakon ninka lambobin aigen ne da juna, kuma −1 sau −2 yana ba da 2. Biyu marasa kyau sun haɗu sun rufa wa juna asiri, kai kuma ka sa hannu.

Sai maganar sifili. Matiris 2×2 da duk lambobinsa 1 ne yana da λ = 2 da λ = 0. Wannan semidefinit ne kawai, domin x = (1, −1) tana ba da sifili cif. "Bai sauka ƙasa da sifili ba" daban, "ya haura sifili" daban.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu tsallake duba simetiri. Ku ɗauki matiris mai layin farko (1, 4), layi na biyu (0, 1). Lambobinsa na aigen 1 ne da 1, amma x = (1, −1) tana ba da 1 − 4 + 1 = −2. Gwajin ya yi ƙarya, saboda babu A = QDQᵀ a nan. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin a kwamfuta, na ɓata yini guda ina neman kuskure a inda ba ya nan. Umarnin `eigvalsh` na NumPy ba ya duba simetiri. Rabin ƙasa na matiris yake karantawa in ba a ce masa akasin haka ba, ya ɗauka na sama hotonsa ne. Don haka ku fara da dubawa:

```python
import numpy as np
assert np.allclose(A, A.T)
lam = np.linalg.eigvalsh(A)
ok = lam[0] > 1e-10 * abs(lam).max()
```

`eigvalsh` yana jero lambobin aigen daga ƙarami zuwa babba, shi ya sa `lam[0]` ya wadatar. Kuma kun ga ban rubuta `> 0` ba. Kwamfuta tana yanke wutsiyar lambobi, sifili na gaskiya yakan fito kamar `2e-16` ko `-2e-16`. Idan ƙaramin λ ya yi ƙanƙanta haka a gefen babban, kada ku yi rantsuwa a kan alamarsa. Ku koma takarda ku duba ko wani layin matiris ɗin haɗin sauran layukan ne.