Jingar STRIDE: Ɗalibi ya fara da zane kafin ya cika gidaje shida

Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam da ke Katsina, idan aka ba su jingar nazarin barazanar tsaro a kan manhajar tura kuɗi ta waya, hanya mafi sauƙi da za su bi ita ce su ja tebur mai gida shida, su rubuta jimla guda a kowane gida, su miƙa. A ganina wannan hanyar ce ke cinye makin, domin tebur irin wannan zai dace da manhajar asibiti ko ta makaranta ba tare da an canza komai ba.

Ma'aikatan Microsoft biyu, Loren Kohnfelder da Praerit Garg, su suka tsara STRIDE, wata hanyar gano barazanar tsaro, a 1999. Kowane harafi cikin shidan tambaya ce, kuma su ne gidaje shida na teburin. S yana tambayar ko wani zai iya sojan gona, T ko za a iya sauya bayani, R ko mutum zai iya musanta abin da ya aikata, I ko sirri zai fita, D ko za a iya tsayar da aiki, E kuma ko wani zai iya samun ikon da ba a ba shi ba. Ba manhajar gaba ɗaya ake yi wa tambayoyin ba, sassanta ake bi ɗaya bayan ɗaya. Sassan kuwa ba su fitowa sai an zana yadda bayanai ke tafiya.

A ɗauki hulɗa guda tak: wata mata tana son cire naira 5,000 wurin mai POS a Ƙofar Ƙaura. Ta buɗe manhaja, ta sa lambar wakilin da adadin kuɗi da lambar sirri. Manhajar ta aika wa saba, wato kwamfutar kamfanin da ke da manhajar, saba ta rage kuɗin a asusunta ta ƙara a na wakili, ta rubuta abin da ya faru a rajista, sannan ta sa kamfanin waya ya tura wa wakili alat. Ya gani, ya ƙirga mata kuɗi.

A zanen wannan hulɗar akwai mutanen waje uku, wato mai asusu da wakili da kamfanin waya. Akwai masu aiki biyu, manhaja da saba, da ma'ajiya biyu, littafin asusu da rajista, sai kibiyoyi shida da ke haɗa su. Ƙa'idar ita ce na waje ana yi masa tambayar S da R kawai, mai aiki yana ɗaukar duka shida, kibiya da ma'ajiya suna ɗaukar T da I da D, rajista kuma a ƙara mata R. Idan aka lissafa, 6 da 12 da 18 da 7 sun ba da tambayoyi 43 daga cire kuɗi sau ɗaya. Ba dukansu za su haifar da barazana ba, amma wanda ya rubuta "babu, saboda kaza" ya nuna ya yi tunani. Ana iya zanen da manhajar OWASP Threat Dragon, kyauta ne, takarda da biro ma sun wadatar.

Layin da ya fi kowane muhimmanci a zanen shi ne iyakar amana da ke tsakanin waya da saba. Ɗalibai da yawa suna sa manhajar a ɓangaren kamfani saboda kamfanin ne ya rubuta ta. Kuskure ne, domin wayar tana hannun wani, yana iya buɗe manhajar ya canza ta, ko ya ajiye ta gefe ya yi magana da saba kai tsaye. A ce ga saƙon da ke tsallake iyakar:

```
POST /cashout
{"from":"1001","agent":"2040","amount":5000,"ref":"a91c"}
```

Barazana uku na kwance a wannan ɗan saƙon. Idan binciken adadi a manhaja kaɗai ake yi, sai a mai da `amount` ya zama `-5000`, lissafi ya juye, kuɗi ya fita daga wakili zuwa ɓarawo. Wannan T ne. Idan saba ta yarda da `from` ba ta duba cewa asusun na wanda ya shigo ne ba, mai asusu na 1002 zai rubuta 1001 ya kashe kuɗin maƙwabcinsa, wato E. Maganin shi ne saba ta ɗauko lambar asusu daga shaidar shigar mutum, kada ta ɗauka daga saƙon. Ɗalibin da ya rubuta "za mu yi amfani da TLS" a nan bai amsa komai ba, domin TLS yana kare saƙo daga mai tare hanya ne, ba daga wanda ya rubuta saƙon ba.

Ta ukun ita ce `ref`, wato lambar da ke bambanta hulɗa ɗaya da wata. Sabis ya ɗauke bayan saba ta cire kuɗi amma kafin amsa ta dawo, manhaja ta sake aikawa, sai a cire 10,000 maimakon 5,000. Abin da tangarɗar sabis ke yi bisa kuskure, mugu zai yi shi da gangan ta hanyar maimaita tsohon saƙo. Dole ma'ajiya ta ƙi karɓar `ref` ɗaya sau biyu, ta mayar da amsar farko. Alamar wannan cuta a littafin asusu ita ce layi biyu masu adadi ɗaya da wakili ɗaya, 'yan daƙiƙoƙi tsakaninsu.

Kibiya ta ƙarshe, daga kamfanin waya zuwa wakili, ita ce aka fi mantawa, alhali duk mai POS ya san alat na bogi. Sunan mai aiko saƙon tes ba hujja ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Saboda haka a rubuta cewa wakili ba ya ba da kuɗi sai ya ga shigarsu a cikin manhajarsa. A ɓangaren mai asusu kuma, idan wani ya yi walkam bak na layinta da takardun ƙarya, duk lambar tabbatarwa da za a turo hannunsa za ta faɗa. Maganin da ya dace shi ne a ɗaure asusu da waya guda, kuma a dakatar da fitar kuɗi na wani lokaci idan aka ga an sauya sim.

Sai lambar sirri. Mai lamba huɗu tana da yiwuwa 10,000 kacal, don haka kowa zai rubuta a kulle asusu bayan kuskure uku. Daidai ne, sai dai maganin S ya buɗe ƙofar D: duk wanda ya san lambar wayar mutum zai iya kulle masa asusu da gangan ranar kasuwa. Kuma kullewar ba ta hana ɓarawo gwada 1234 sau ɗaya a kan asusu dubu. Jinga mai kyau tana mayar da kowane magani cikin zanen ta sake tambayarsa, sai ta gano ana buƙatar ƙidaya ƙoƙarin da ke fitowa daga na'ura ɗaya, ba na asusu ɗaya kawai ba.

Wani zai ce wannan ya yi yawa ga jinga mai maki goma ko ashirin, kuma malami ya ce manhaja, bai ce hulɗa ɗaya ba. Akwai gaskiya a ciki. A zana manhajar duka a shafi ɗaya, a bayyana cewa an zaɓi cire kuɗi ne saboda nan ne tsabar kuɗi ke barin hannu ba ta dawowa. STRIDE kuma ba ya faɗin wace barazana ta fi wata, ɗalibi ne zai ba kowace maki 1 zuwa 3 na sauƙin aukuwa da 1 zuwa 3 na girman ɓarna ya ninka su. A nan alat na bogi zai iya zarce kutse cikin ma'ajiya, saboda waya ɗaya ta ishi mai yinsa.

Duk wannan aikin takarda ne. Kada ɗalibi ya gwada sauya `amount` a kan manhajar banki ta gaske don ya samu hoton sakawa a jinga, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Mai son nuna gwaji ya rubuta ƙaramar saba a kwamfutarsa da asusun wasa guda biyu, ya nuna saƙon yana wucewa kafin gyara, ya nuna an ƙi shi bayan gyara.