Yadda na buɗe wa Nikaraguwa ƙofa, na rufe wa Maraɗi

Ranar Talata da hantsi wani Alhaji da ke sarin atamfa a wurinmu ya kira daga Maraɗi. "Malam, shafin naku ya mutu ne?" Ina zaune a Kantin Kwari na duba a wayata, ya buɗe tar. Abokina na Kumasi ma ya ce lafiya lau. Kafin azahar sai ga irin wannan kuka daga Damagaram, sannan daga Njamena.

Nan take na yanke hukunci: laifin kamfanin da nake hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu na intanet, a wurinsu ne. Amma ba a zuwa kotu hannu rabbana, don haka na sa ɗan Alhaji ya buga `tracert` da adireshin sabar a kwamfutarsa. Wannan umarni yana lissafo duk zangon da saƙo ya yada a hanya, kamar a ce direba ya rubuto maka kowace tasha daga Maraɗi zuwa Kano. Sakamakon ya nuna zango 11 sun amsa. Daga na 12 har zuwa na 30, inda umarnin ke gajiya ya tsaya, babu komai sai `* * *`. Nawa na Kano kuwa ya isa gida a zango na 12.

Na haɗa duka biyun na rubuta imel mai zafi. Na ce hanyarsu ta Afirka ta karye, kwastomomina na guduwa, har na tuna musu ban taɓa makara da kuɗin wata ba (na taɓa, sau biyu).

Amsa ta zo cikin ladabi mai ciwo. Ma'aikacin ya ce in sake duba zango na 11: na'urarsu ce ta ƙarshe, wadda sabata ke rataye a jikinta. Da hanya ce ta yanke, da taurarin sun fara tun a tsakiya, kafin saƙon ya shigo gidansu. Wato baƙon ya iso har ƙofar ɗakina, ni ne na ƙi amsa sallama. Sai ya tambaya ko na taɓa katangar tsaro kwanan nan.

Gumi ya karyo min. Daren Lahadi, saboda masu gwada kalmar sirri sun dame ni, na toshe duniya gaba ɗaya, na bar ƙasashen kwastomomina kawai:

```
NG GH CM NI CH
```

Ashe `NI` Nikaraguwa ce, Nijar `NE` take. `CH` kuma Suwizalan ce, Chadi `TD`. Kwana biyu mutanen Zurich na da damar sayen atamfa, babu wanda ya taya ko yadi ɗaya.

Na gyara haruffa huɗun nan, na kira Maraɗi. Alhaji ya ce ya buɗe, ya tambayi abin da ya faru.

"Wallahi Alhaji, matsalar ƙasa da ƙasa ce," na ce.