Kwangilar wata-wata ba cinikin awanni ba ce

Akwai wata shawara da ta cika kunnen masu aikin kansu a 'yan kwanakin nan, kuma ta ishe ni. Wai da zarar ka gama wa mutum aiki, ka tura masa takardar tayi mai matakai uku: awa 5 a wata, awa 10, awa 20, ya zaɓi ɗaya ya riƙa biya. Masu yaɗa ta suna cewa da haka za ka huta da farautar sabon kwastoma kullum. Ni kuwa ina ganin babu hanyar da ta fi wannan saurin kashe yarjejeniyar.

A ɗauki wadda ta gina wa wani ɗan kasuwa shafin intanet da manhajar WordPress. Ta miƙa aiki, an biya ta, sai ta yi masa tayin awa 10 duk wata, ya amince don yana jin daɗin aikinta. Wata na farko ta yi awa 6. Na biyu komai lafiya, awa 2 suka ishe ta. A na uku mutumin zai zauna da lissafinsa ya ga ya biya awa 20 a wata biyu, an yi masa 8. Me zai hana shi neman ragowar, ko ya ce a dakata sai wani abu ya lalace? Ba shi da laifi. Ita ta koya masa ƙirga awanni, shi kuma ya ƙirga. Abin takaicin ma, iya ƙwarewarta wajen hana matsala, iya yawan asarar da zai ga kamar yana yi.

Abin da ya kamata takardar ta faɗa shi ne me zai fara ruɓewa daga ranar da aka miƙa aikin. Shafi ba ya tsayawa yadda aka bar shi. WordPress da ƙananan manhajojin da aka liƙa masa suna fitar da sabuntawa a kai a kai, wasu don toshe kafar da masu kutse ke bi, kuma sabuntawa ɗaya tana iya karya wani sashe idan ba a gwada ta a kwafin shafin ba tukuna. Takardar tsaron shafi ta SSL da ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa gajeren wa'adi gare ta, an saba da kwana 90. Tana sabunta kanta, amma ranar da hakan ya ci tura, gargaɗi masu ziyara za su gani maimakon kayan sayarwa. Sai wanda ya fi ba ni tsoro: fom ɗin da kwastomomi ke cikewa ya daina isar da saƙo. Shafin yana buɗewa sumul, babu alamar komai, mai shi yana zaton kasuwa ce ta yi sanyi, alhali mako uku ke nan saƙonnin mutane na faɗawa rami.

Wannan shi ne abin sayarwa, kuma shafi guda na takarda ya ishe shi. Wadda ta gina shafin ta rubuta cewa duk mako za ta aika saƙon gwaji ta fom ɗin, duk wata za ta ɗauko kwafin ajiya ta mayar da shi a wani wuri don tabbatar da yana aiki, idan shafin ya faɗi kuma za ta amsa cikin awa 4 a ranakun aiki. Ta kawo hujja daga aikin da ta gama, misali tsofaffin manhajoji nawa ta tarar ba a sabunta ba, domin gani ya kori ji. Ta kuma faɗi ƙarara abin da ba ya ciki, kamar sabon shafi ko sauya fasali, in ba haka ba za ta wayi gari tana gina shafi na biyu da kuɗin kula da na farko.

Masu cewa a tsorata kwastoma da labarin kutse har ya sa hannu, ba ni da lokacinsu. Wanda tsoro ya sa ya biya, ranar da tsoron ya gushe zai tafi. Haka masu cewa kowane aiki ana iya mayar da shi na wata-wata. Wanda ya zana tambarin kamfani ya gama, babu abin da ke ruɓewa, kuma ƙirƙiro masa hidimar wata cin amana ne.

A tura takardar a makon miƙa aiki, tun mutum yana tuna wahalar da aka sha. A fara da wata uku, kowa na da damar fita da sanarwar kwana 30. Sannan duk ƙarshen wata ta aika masa layuka biyar: abin da aka sabunta, abin da aka gwada, abin da aka kama kafin ya sani.